Yaro ya daina ƙara tsawo: tambayoyi da amsoshi kan sinadarin girma da sinadarin tayirod

Tambayoyin da ke ƙasa su ne iyaye suka fi kawowa idan suka lura ɗansu ya tsaya wuri ɗaya, ƙannensa suna kamo shi. Amsoshin sun shafi sinadarai guda biyu da jiki ke haɗawa da kansa, irin waɗanda likitoci ke kira homon: sinadarin girma da sinadarin tayirod.

Ɗana ne mafi gajarta a ajinsu. Ciwo ne?

Yawanci ba ciwo ba ne. Gajarta ita kaɗai ba ta gaya wa likita abu mai yawa. Abin da yake so ya ji shi ne santimita nawa yaron ya ƙara daga bara zuwa bana.

Jariri yana zuwa duniya da tsawon kimanin santimita 50. A shekarar farko yana ƙara wajen 25, a ta biyu wajen 12, a ta uku wajen 8. Idan ya kai shekara huɗu, tsawonsa yana kusan mita ɗaya. Daga nan har zuwa ƙofar balaga tafiyar takan daidaita, santimita 5 zuwa 6 duk shekara. Sai balaga ta zo da zabura, yarinya ta ƙara 8 ko 9 a shekarar da ta fi sauri, yaro namiji ya ƙara 9 ko 10.

To, yaron da yake gajere amma yana samun santimita 5 ko 6 ɗinsa a kowace shekara, da wuya a ce sinadarin jikinsa ne ya gaza. Wanda ya kamata a duba shi ne wanda bai kai santimita 4 a shekara ba tsakanin shekara huɗu da balaga, ko da kuwa har yanzu ba a kiransa gajere. Iyaye mata sukan riga kowa ganewa: kayan sallar bara, har na bara waccan, suna shigarsa daidai a tsawo, takalmin makaranta kuma bai matse shi ba.

Mene ne sinadarin girma, kuma daga ina yake fitowa?

Wani ɗan ƙaramin ƙullutu ne ke haɗa shi, sunansa fituwitari. Yana rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu, nauyinsa wajen rabin giram ne kawai. Ba kullum yake zubo sinadarin cikin jini ba. Tsartuwa yake yi lokaci zuwa lokaci, kuma mafi yawa da dare, idan barcin yaro ya yi nauyi. Tsakanin tsartuwa da tsartuwa, sinadarin yana iya yin ƙasa har a kasa ganinsa a jinin yaro mai cikakkiyar lafiya. A riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar gwaji.

Idan ya shiga jini, yana zuwa hanta ya sa ta fitar da wani sinadari na biyu, wanda za ku ga an rubuta IGF-1 a takardar gwaji. Su biyun suna aiki a kan wani siririn faifai na guringuntsi da ke kusa da kowane ƙarshen dogon ƙashi, na cinya da na ƙwauri da na hannu. A wannan faifan ne ake yin tsawo: ƙwayoyin guringuntsi suna hayayyafa, suna jeruwa, na baya suna taurara su zama ƙashi, ƙashin yana ƙara miƙewa. Ranar da faifan ya gama rufewa a ƙarshen balaga, tsawo ya ƙare.

Sinadarin girma yana da wasu ayyukan ban da tsawo. Yana ƙona kitse, yana gina tsoka, yana kuma hana sukarin jini faɗuwa idan an daɗe ba a ci abinci ba. Alamomin rashinsa daga waɗannan ayyukan suke fitowa.

Shi kuma tayirod fa?

Tayirod yana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, ya rungumi bututun iska ta ɓangare biyu. Shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Yana ɗaukar sinadarin ayodin daga abinci ya haɗa sinadarinsa, wanda a takardar gwaji ake rubutawa T4 da T3. Shi ma fituwitari ne ke ba shi umarni, ta hanyar wani saƙo da ake kira TSH.

A jikin babba, aikin tayirod shi ne daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji. A jikin yaro yana da ƙarin ayyuka biyu masu nauyi. Na farko, shi ke sa ƙashi ya nuna, kuma idan babu shi fituwitari ba ya fitar da sinadarin girma yadda ya kamata, faifan guringuntsin ma ba ya amsa kiran wanda aka fitar. Na biyu, ginin ƙwaƙwalwa ya dogara da shi tun daga ciki har zuwa wajen shekara uku.

Nan ne bambancin sinadaran biyu ya fi fitowa. Rashin sinadarin girma yana taɓa tsawo, ya bar basira. Rashin tayirod a jariri yana taɓa duka biyun, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a watannin farko ba ya dawowa, ko an fara magani daga baya. Tsawo yana da ɗan jira. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta da shi.

Yaya za a bambanta wannan da tsumburewar rashin abinci?

Tambayar da ta fi dacewa da wurinmu ke nan, domin a cikin gajerun yaran da ake gani a karkara da birni, waɗanda matsalarsu ta homon ce kaɗan ne ƙwarai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, abin kuma ya fi tsanani a arewa. Rashin sinadarin girma kuwa, ana samunsa a yaro ɗaya cikin 4,000 zuwa 10,000.

Abin da ke raba su shi ne sikeli. Idan abinci ne bai isa ba, ko gudawa ce ke yawan dawowa, ko tsutsar ciki, ko sikila, ko ciwon ƙoda ko na zuciya, ko tarin fuka, nauyi ne ke fara faɗuwa, tsawo ya biyo baya. Yaron zai zama gajere kuma ramamme. Idan kuwa sinadarin girma ne ko tayirod ya gaza, tsawo ne ke tsayawa, nauyi ya ci gaba da hawa a hankali. Yaron zai zama gajere mai ɗan jiki, da kumatu da ɗan tumbi. Shi ya sa irin waɗannan yaran ke daɗewa ba a kai su asibiti ba. Kowa ya gan su sai ya ce tubarkalla, jikinsa ya yi kyau.

Akwai abu na uku da ke ba da irin wannan kama, kuma ya kamata a tambayi kowane gida game da shi. Magungunan nan na sitiroyid, irin su deksametason da ake haɗawa a cikin maganin sa ƙiba, da wasu mayukan hasken fata da ake shafa wa yara, suna tsayar da tsawo suna kumbura fuska idan an daɗe ana amfani da su. Idan yaro yana kan irin wannan, a faɗa wa likita tun kafin a ɓata kuɗin gwaji. Kada kuma a yanke maganin rana ɗaya idan an daɗe ana sha, domin yankewa farat ɗaya tana da haɗari. A hankali ake janye shi.

Waɗanne alamomi ne ke nuna jariri ba shi da isasshen tayirod?

Abin tsoron shi ne a ranakun farko yawancinsu ba su da wata alama. Sinadarin uwa yana tsallaka mabiyiya ya ɗan rufa musu asiri, sai a yi suna lafiya lau. Alamun suna lallaɓowa ne a makonnin da ke biye, daidai lokacin da mai jego ke ɗaki tana jiran arba'in.

Shawarar jarirai da ta wuce mako biyu ba ta washe ba, ita ce kan gaba. Sai yawan barci, har sai an tashe shi kafin ya sha nono, idan ya kama kuma ya saki da wuri. Kashi yana yi masa wuya, yana kwana da yawa bai yi ba. Kukansa ba yawa, idan ya yi kuma murya a dishe. Fata a bushe da sanyi, jiki a sake idan an ɗaga shi. Daga baya fuska takan ɗan kumbura, harshe ya yi girma har ya riƙa leƙowa, cibiya ta bultso, maɗiga ta yi faɗi, musamman ƙaramar nan ta bayan kai.

Kowace ɗaya a cikin waɗannan ana ganinta a jarirai masu lafiya. Cibiya mai bultsowa, alal misali, ruwan dare ce a 'ya'yanmu, kuma yawanci ita ke komawa da kanta. Haɗuwarsu ce ke sa a tsaya. Kuma akwai maganar da ya kamata ta sa ma'aikacin lafiya ya ɗago kai idan ya ji ta daga bakin kaka: "Wannan yaron akwai haƙuri, ba ya kuka, sai barci." A jariri mai shawarar da ta ƙi tafiya, wannan yabon dalilin ɗibar jini ne.

Ana haifar jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 da wannan matsalar. Mafi yawansu tayirod ɗin ne bai ginu ba, ko ya ginu ɗan ƙarami, ko bai sauko inda ya kamata a wuya ba. Wasu kuma ƙullutun yana nan amma ba ya iya haɗa sinadarin, kuma wannan nau'in gado ne, ya fi fitowa inda uwa da uba 'yan uwan juna ne. Ba laifin abin da uwa ta ci ko ta yi ba ne a mafi yawan lokuta.

Ana iya ganewa kafin alamun su fito?

Ƙwarai kuwa. A ƙasashe da yawa, tun daga shekarun 1970, ana huda dunduniyar kowane jariri bayan kwana biyu da haihuwa a ɗiga jini a kan takarda a auna TSH. Ana jiran kwana biyun ne domin kowane jariri TSH ɗinsa yana tashi sama a awannin farko bayan haihuwa, kuma idan aka yi gaggawa za a tsorata iyayen masu lafiya. A mafi yawan asibitocinmu ba a yi wa kowane jariri wannan gwajin, saboda haka sai iyaye ko ma'aikacin lafiya sun nema. Ana yin TSH da FT4, wato awon sinadarin tayirod T4 a jini, a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu a birane.

Yadda ake karanta sakamakon yana rikita mutane, domin TSH sama yake yi idan tayirod ya yi ƙasa. Kamar uwa ce ke kiran yaro daga tsakar gida: muddin bai amsa ba, ƙara ɗaga murya take yi. Fituwitari ne ke kira, tayirod bai amsa ba, TSH ya yi ta hawa. To idan kuka ga TSH ya hau, FT4 ya sauka, matsalar a wuya take. Idan kuwa FT4 ya sauka amma TSH bai hau ba, fituwitari ne da kansa ya gaza, kuma a nan dole a duba sauran sinadaran da yake fitarwa. Wannan ne ya sa TSH shi kaɗai ba ya wadatarwa ga yaron da ya daina tsawo. A haɗa da FT4.

Idan an gano, mene ne maganin?

Ƙwaya ce guda, lebotayiroksin, sau ɗaya a rana. Ita ce sinadarin da jikin ya kasa haɗawa, kuma ba ta da tsada idan aka kwatanta da abin da take karewa. Ga jariri, ana so a fara cikin mako biyu na farkon rayuwa, a kan awon maikurogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa. Jariri mai kilo uku da rabi zai samu tsakanin 35 da 52.5 a rana. Wanda aka fara wa da wuri haka, yawanci yana tashi da basira da tsawo irin na sa'o'insa. Wanda aka gano a makare shi ma a fara nan take, domin kowane mako yana da daraja.

Ana murƙushe ƙwayar a cokali, a jiƙa da ɗan ruwan nono ko tsaftataccen ruwa, a ba shi duka. Kada a zuba a cikin kwalbar madara cike, domin ba lallai ya shanye ba. Kada a haɗa lokacinta da maganin ƙarin jini, ko kalsiyam, ko madara da kunun waken suya, domin suna hana hanji tsotse ta. A bar awanni huɗu a tsakani. Ana sake gwajin jini bayan mako biyu da farawa, sannan duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, domin jariri yana ƙara nauyi, awon da ya ishe shi jiya ba zai ishe shi gobe ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa idan yaro ya warware. Warwarewar daga ƙwayar take. Mafi yawansu za su sha har ƙarshen rayuwa. Akwai kaɗan da matsalarsu ta wucin gadi ce, kuma likita ne ke gwada janye maganin bayan yaro ya cika shekara uku, lokacin da ginin ƙwaƙwalwa ya wuce wurin haɗari.

Yaron da aka haifa lafiya, tayirod ɗinsa zai iya gazawa daga baya?

Zai iya, kuma ya fi faruwa a 'yan makaranta da masu shiga balaga, mata sun fi maza. Inda ayodin ya wadata, babban dalili shi ne garkuwar jiki ta juya ta riƙa cin tayirod a hankali, cutar da ake kira da sunan likitan Japan Hashimoto, wanda ya bayyana ta a 1912. Yara masu larurar Down, da 'yan mata masu larurar Turner, larurori biyu na ƙwayoyin halitta da ake haifar yaro da su, da masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, sun fi kamuwa, don haka ana duba nasu a kai a kai ko ba su da ƙorafi.

Ga misali, don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce yarinya ce 'yar shekara tara. A katin asibiti, tsawonta tana da shekara bakwai santimita 118 ne, nauyinta kilo 22. Yau tsawonta 122, nauyinta 28. Wato cikin shekara biyu ta ƙara santimita 4, biyu kacal a shekara, alhali ya kamata ta ƙara 10 zuwa 12. Nauyi kuwa ya hau da kilo 6. Matsakaicin tsawon 'yan mata masu shekara tara a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yana wajen 132, kuma 122 bai faɗa ƙasan layin da ake kiran yaro gajere ba tukuna. Wanda ya auna ta yau kaɗai zai sallame ta. Tsohon awon nan na shekara biyu baya shi ya tona asirin.

Sai a tambayi uwa. Za ta ce yarinyar tana jin sanyi ko da ba hunturu ba, tana sa rigar sanyi sauran yara suna wasa da singileti. Bayan gida yana yi mata tauri. Fatar ƙwauri ta bushe tana fari, gashi yana karyewa wurin kitso, idanu a kumbure da safe. Ta rage ƙiriniya, malamai ma suna yaba natsuwarta, kuma sau da yawa karatunta bai faɗi ba. Likita ya tsaya a bayanta ya shafa wuya, ya ce ta haɗiyi ruwa, ya ji ƙullutun ya ɗan girma yana hawa da sauka. Bugun zuciya a hankali.

Hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu ya nuna ƙashin na 'yar shekara shida da rabi ne. TSH ya hau nesa da iyaka, FT4 ya sauka. An fara lebotayiroksin da ɗan ƙaramin awo, tunda abin ya daɗe, ana ƙarawa bayan gwajin da ake maimaitawa duk mako shida zuwa takwas.

Ya kamata a gargaɗi iyaye kan abin da zai biyo baya. A watannin farko tsohon gashi yana zuba kafin sabo ya fito, kumburin jiki yana sacewa har a ga kamar ta rame, kuma yarinyar nan mai natsuwa za ta koma mai surutu da rashin zama wuri ɗaya. Gidaje da yawa a nan suke cewa maganin bai karɓe ta ba, su ajiye. Alhali alamun yana aiki ke nan. Tsawo yakan zabura a shekarar farko da ta biyu. Sai dai idan gazawar ta yi shekaru da yawa kafin a gano, musamman dab da balaga, ba lallai a rama duk abin da aka rasa ba.

Gishiri yana da hannu a wannan magana?

Yana da shi, ta wajen ayodin. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yana buƙatar maikurogiram 90 a rana, ɗan shekara shida zuwa sha biyu 120, mai ciki da mai shayarwa 250. Ƙasar da ke nesa da teku amfanin gonarta ba ya ɗauke da ayodin sosai, shi ya sa a da ake yawan ganin maƙoƙo a wasu yankuna. Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishirin ci tun 1993. A sayi na leda mai alamar ayodin, a ajiye a rufe, nesa da rana da zafin murhu da laima. Rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba yana ƙara dagula lamarin inda ayodin ya yi ƙaranci, kuma an ga irin haka da gero a yankin Darfur na Sudan. Wannan ba dalilin barin fura ko tuwo ba ne, dalilin tabbatar da gishiri mai ayodin ne.

Gishiri ba ya warkar da jaririn da aka haifa ba tayirod, ko yaron da garkuwar jikinsa ta cinye nasa.

To, mene ne alamun ƙarancin sinadarin girma?

Yawanci ana haifarsu da tsawo da nauyi daidai, domin girman cikin mahaifa bai dogara da wannan sinadarin sosai ba. Tafiyar takan fara ja baya ne daga ƙarshen shekarar farko zuwa shekara biyu ko uku, tazara tsakaninsa da sa'o'insa tana ƙara buɗewa duk shekara.

Jikin yaron daidai yake, hannu da ƙafa da gangar jiki sun dace da juna, sai dai komai ƙarami. Wannan ya raba shi da wadan da aka saba gani, mai gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai, wanda matsalarsa ta ƙashi ce ba ta homon ba. Fuskarsa ta ƙuruciya ce, ɗan shekara takwas a ɗauka ɗan biyar ne: goshi ya ɗan fito, karan hanci a kwance, haɓa ƙarama. Kitse yana taruwa a ciki, tsoka ba yawa, murya siririya, haƙora suna jinkirin fitowa da famfara. Kansa kuwa lafiya lau, kuma wannan ne ke sa abin ya fi yi masa ciwo, domin yana gane duk tsokanar da ake yi masa.

Idan rashin ya yi tsanani tun daga haihuwa, alamun daban ne: sukarin jini yana faɗuwa, jariri ya riƙa karkarwa ko jijjiga, shawara ta daɗe, ɗa namiji kuma al'aurarsa ta zama ƙarama ƙwarai. Wannan na gaggawa ne, domin sau da yawa ba sinadarin girma kaɗai fituwitarin ya kasa fitarwa ba.

A yara da yawa ba a gano dalili. A wasu kuwa akwai shi: mummunan bugu a kai, sanƙarau, tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa, gashin maganin ciwon daji da aka yi a kai, ko ƙari da ya tsiro kusa da fituwitari. Saboda wannan na ƙarshen, yaron da yake tsawo lafiya sannan ya tsaya, kuma yana ciwon kai, ko amai da sassafe, ko ganinsa ya ragu yana karo da abubuwa ta gefe, ko yana shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa har cikin dare, ba a jira a sake auna shi bayan wata shida. Hoton ƙwaƙwalwa yake buƙata.

Me ya sa ba za a ɗebi jini kawai a auna sinadarin girma ba?

Saboda tsartuwar nan da muka ambata. Jinin da aka ɗiba da hantsi zai iya nuna kusan babu komai a yaro mai lafiya. Duk wanda ya ce muku yaro ba shi da sinadarin girma bisa awo ɗaya na haka, kuɗinku ya ci.

Tsarin da ake bi shi ne a fara da awo mai kyau sau biyu, tazarar wata shida ko fiye, ba takalmi, dunduniya da baya da ƙeya a jikin bango. A lissafa tsawon da ake sa rai daga iyaye: a haɗa na uba da na uwa, a ƙara 13 idan namiji ne ko a cire 13 idan mace ce, a raba biyu. Uba mai 172 da uwa mai 160, 'yarsu za ta tsaya wajen 159.5, ɗansu wajen 172.5, da ragi ko ƙari na kimanin santimita 8. Daga nan a duba jini, da ƙoda, da jinsin jini saboda sikila, da tayirod, da hoton ƙashin hannu. Yarinya gajeriya da ba a ga dalili ba, a duba larurar Turner.

Sai an kawar da waɗannan ake zuwa IGF-1, wanda ba ya hawa da sauka cikin yini. Shi ma yana da tarko: yana yin ƙasa a yaro mai tamowa ko ciwon hanta ko ƙarancin tayirod, ko da fituwitarinsa lafiya yake. Mataki na ƙarshe shi ne a tsokani fituwitarin. Yaro ya kwana bai ci ba, a ba shi magani irin su kulonidin ko gulukagon, a riƙa ɗibar jini duk rabin awa na tsawon awa biyu zuwa uku, a ga iyakar inda sinadarin zai hau. Idan bai kai nanogiram 7 zuwa 10 a mililita ba, gwargwadon ma'aunin ɗakin gwajin, ana ɗauka ya gaza. A asibiti ake yinsa, ƙarƙashin kulawa, a wurin likitan yara da ya ƙware kan homon, kuma irinsu a asibitocin koyarwa aka fi samu. Ba a yin wannan gwajin sai an gyara tayirod tukuna, in ba haka ba sakamakon ƙarya zai bayar.

Allurar girma tana aiki? Za a iya yi wa kowane gajeren yaro?

Ga wanda aka tabbatar ba shi da sinadarin, tana aiki sosai. Allura ce ta ƙarƙashin fata, sau ɗaya kowane dare, iyaye ke yi a gida, kimanin miligiram 0.025 zuwa 0.035 ga kowane kilo. Yaron da yake ƙara santimita 3 a shekara zai iya ƙara 8 zuwa 12 a shekarar farko, sannan saurin ya ɗan lafa. Tun 1985 a masana'anta ake haɗa ta. Kafin nan daga fituwitarin mamata ake tatsowa, aka daina bayan an gano wasu sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa ta wannan hanyar.

Wahalarta a fili take. Tana da tsada ƙwarai, shekaru ake yi ana yinta, kuma yawancin nau'o'inta sai an ajiye a firij tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba ƙaramin aiki ba ne inda wuta ke zuwa da tafiya. Ana kuma sa ido: ciwon kai mai tsanani bayan farawa, ko ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa, a koma asibiti a ranar.

Ga yaron da gajartarsa ta gado ce, ko ta rashin abinci, ko ta tayirod, wannan allurar ba ita ce amsar ba. Ƙwayoyi da garin "ƙara tsawo" da ake tallatawa a waya kuwa, ba su da abin yi. Sinadarin girma furotin ne, idan aka haɗiye shi ciki narkar da shi yake yi kamar nama.

Mahaifinsa ma sai da ya shiga sakandare ya miƙe. Ba za mu jira ba?

Akwai jinkirin girma na gado, ya fi yawa a maza, kuma ba ciwo ba ne. Irin wannan yaron gajere ne, hoton ƙashinsa yana bayan shekarunsa da shekara ɗaya ko biyu, balagarsa tana makara, amma yana samun santimita 5 ɗinsa a shekara, daga ƙarshe kuma yana kamo tsawon gidansu. Idan awo biyu sun nuna haka, jira daidai ne.

Jira ba tare da awo ba ne matsala, domin faifan guringuntsi yana da wa'adi. Yana rufewa idan ƙashin yarinya ya kai na shekara 14 zuwa 15, na yaro namiji 16 zuwa 17. Bayan yarinya ta fara al'ada, abin da ya rage mata yawanci santimita 5 zuwa 7 ne. A kai likita idan yarinya ta cika 13 ƙirji bai fara fitowa ba, ko yaro ya cika 14 babu alamar balaga, ko kuma a kowace shekara aka ga ƙarin tsawo bai kai santimita 4 ba. A tafi da katin riga-kafi da duk wata tsohuwar takarda da aka taɓa rubuta tsawonsa ko nauyinsa a kai, tare da kwanan wata.